Bidiyon Daƙiƙa Talatin Na Mai Sayar Da Tumatir

Ma'aikaciyar da ke Abuja, wadda ba ta da sararin zuwa kasuwa, abu biyu take so ta ji daga bakin mai kayan gwari: yaushe aka tsinko, kuma yaushe zai iso ƙofarta. Bidiyo na daƙiƙa 30 ya isa, muddin an rubuta maganar kafin a ɗauka.

A ce mai tumatir ne daga Kadawa. Kada ya ɓata lokaci da doguwar gaisuwa. Ya fara da tumatir a hannu, ya yanka shi biyu a hasken safiya, ya ce: "Jiya da yamma aka tsinko wannan. Hajiya, dubi cikinsa, tsoka ce, ba ruwa ba." Sannan ya nuna kwandon roba, ya faɗi dalili: a kwandon gargajiya na sama yana danne na ƙasa, ya fashe tun a hanya.

Sai batun kaiwa, wanda shi ne ke jawo rigima. "Nan ba da jimawa ba" ba alkawari ba ne. Ya ce: "Wanda ya yi oda kafin ƙarfe 6 na yamma, jibi kafin azahar kayansa na gida. Kuɗin kaiwa daban ne. Wanda ya lalace, turo hoto, mu musanya."

Kuskuren da ya fi cutarwa shi ne nuna zaɓaɓɓe a kai baragurbi. Mai saye sau ɗaya ake yi masa haka.