Wasiƙar da ke raka rahoton zazzafan taro

Kwamitin amintattu na wata makaranta ya shafe awa 3 yana cacar baki kan ƙarin kuɗin makaranta, har wani mamba ya fice a fusace. Sakatare ya taƙaita zaman a shafi 2. Sai dai ba haka kawai zai miƙa wa shugaban kwamiti ba, dole ya haɗa da gajeriyar wasiƙa.

Bayan gaisuwa, "Ranka ya daɗe", wasiƙar za ta faɗi ranar taron, ta kuma bayyana cewa wannan daftari ne, ba zai zama rahoton kwamiti ba sai mambobi sun amince da shi a zama na gaba, shugaba ya sa hannu.

Wuri mafi wuya shi ne bayanin abin da aka cire. Sakatare zai rubuta: "Na bar kalaman da aka yi cikin fushi, amma na kawo hujjar kowane ɓangare, da sakamakon ƙuri'a, 5 da 3, da lokacin da mamba ɗaya ya fita." Lokacin fitar yana da muhimmanci, domin shi zai nuna ko adadin da tsarin mulkin kwamiti ya gindaya ya cika sa'ad da aka kaɗa ƙuri'a.

Idan shugaba na cikin masu rigimar, zai iya neman a sassauta. Gyaran kuskure halal ne, amma sakataren da ya taɓa matsayar da aka cimma ya ci amanar kwamiti.