Harajin Sigari: Dalilin da Ƙarin Sisin Kwabo Ba Ya Hana Matashi Kunna Kara

Da yamma ta yi a Nyanya ko Karu, bayan motocin ma'aikata sun fara kwararowa daga tsakiyar birnin Abuja, teburin mai shayi da na mai tireda kan cika da jama'a. A cikin kayan da ke kan teburin, tsakanin alewa da goro da ashana, akwai kwalin sigari a buɗe. Da wuya a ga wanda ya sayi kwalin gaba ɗaya. Ɗan acaɓa zai miƙa canjinsa ya zari kara ɗaya, lebura ya zari biyu, saurayin da gemu bai gama fito masa ba shi ma ya zari nasa. A wannan teburi ake gane ko harajin da aka tsara a Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ya yi aiki ko bai yi ba, domin idan farashin karan bai motsa ba, mai saye bai san an yi wani ƙari ba.

Abin da bincike ya tabbatar

Masana tattalin arziki sun daɗe suna auna yadda farashi ke shafar shan sigari, kuma sakamakon da Hukumar Lafiya ta Duniya ke dogaro da shi shi ne: idan farashi ya tashi da kashi 10 cikin ɗari, yawan sigarin da ake sha yakan ragu da kimanin kashi 4 a ƙasashe masu arziki, da kimanin kashi 5 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi. Kusan rabin raguwar daga waɗanda suka daina ne ko waɗanda ba su fara ba, sauran rabin kuma daga waɗanda suka rage yawan karan da suke zuƙa a rana.

Raguwar ba ta zuwa daidai ga kowa. Matasa sun fi manya jin zafin farashi, sau biyu zuwa uku a mafi yawan nazarce-nazarce. Dalili kuwa a fili yake. Kuɗin da ke aljihun saurayi kaɗan ne, sannan sinadarin nikotin bai riga ya kama shi kamar yadda ya kama wanda ya shekara ashirin yana sha ba. Mafi yawan mashaya kuma tun suna samari suka fara, saboda haka duk wanda tsada ta hana shi farawa a wannan zango, akwai kyakkyawan zaton ba zai fara ba har abada.

Haka abin yake ga talaka. A ɗauka mutum yana shan kara shida a rana, kowane kara Naira 50. Wannan Naira 300 ke nan a rana, Naira 9,000 a wata. Ga ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka amince da shi a watan Yulin 2024, kusan kashi 13 cikin ɗari na albashinsa ke tafiya a hayaƙi. Ga jami'in da ke ɗaukar Naira 400,000, bai kai kashi 3 ba. Idan karan ya koma Naira 80, na farko zai zaɓa tsakanin sigari da kuɗin mota, na biyu kuwa da ƙyar zai lura.

Yadda harajin Nijeriya yake

Harajin da Hukumar Kwastam ke karɓa a kan sigarin da ake sarrafawa a gida kashi biyu ne. Na farko kaso ne na kuɗin da aka kashe wajen sarrafa sigarin a masana'anta, ba na farashin da mai saye ke biya ba. Na biyu kuwa ƙayyadadden kuɗi ne a kan kowane kara, ko mai tsada ne ko mai araha.

Kafin 2018 na farkon kaɗai ake da shi, kashi 20 cikin ɗari. Daga ranar 4 ga Yunin 2018, lokacin da Kemi Adeosun ke ministar kuɗi a gwamnatin Shugaba Muhammadu Buhari, aka ƙara na biyun: Naira 1 a kan kara a shekarar farko, Naira 2 a 2019, sai Naira 2 da kwabo 90 a 2020, wato Naira 58 a kan kwali mai kara ashirin. A 2022 aka ɗaga kason zuwa kashi 30, aka kuma tsara Naira 4 da kwabo 20 a kan kara a wannan shekara, Naira 4 da kwabo 70 a 2023, da Naira 5 da kwabo 20 a 2024, wato Naira 104 a kan kwali. Wani ƙarin da ya fi wannan da aka shirya a 2023 bai daɗe ba, domin a watan Yulin shekarar Shugaba Bola Tinubu ya dakatar da ƙarin haraji a kan kayan da ake sarrafawa a cikin gida.

A takarda, harajin kara ya ninka fiye da sau biyar cikin shekara shida. A kasuwa labarin daban ne.

Lissafin kwali ɗaya

A ɗauki kwalin da ake sayarwa Naira 800, wanda kuɗin sarrafa shi a masana'anta Naira 300 ne. Alƙaluman misali ne, amma suna nuna yadda lissafin ke tafiya. Kashi 30 na Naira 300 shi ne Naira 90. A haɗa da Naira 104, harajin ya zama Naira 194, ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu na farashin. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa tana ba da shawarar jimillar haraji ta kai aƙalla kashi 75 cikin ɗari na abin da mai saye ke biya.

Sai a dubi ƙarin da aka tsara daga 2023 zuwa 2024: kwabo 50 a kan kara, Naira 10 a kan kwali. A kan kwalin Naira 800, wannan kashi ɗaya da ɗoriya ne kacal, a shekarar da hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari. Idan shinkafa da mai da kuɗin mota suna tashi da gudu, harajin sigari kuma yana rarrafe, to ƙimarsa raguwa take yi, ko da adadin Nairar ya ƙaru.

Faɗuwar darajar Naira ta ƙara fito da wannan. A tsakiyar 2022, Naira 84 ta kwali tana daidai da kimanin santi 20 na dalar Amurka a farashin hukuma. A 2024, bayan dala ta haura Naira 1,500, Naira 104 ba ta wuce santi 7 ba. Umarnin da ƙungiyar ECOWAS ta amince da shi a 2017, ƙungiyar da hedikwatarta ke nan Abuja, ya buƙaci kason da bai gaza kashi 50 ba, tare da santi 2 a kan kowane kara. Santi 40 ke nan a kan kwali, kimanin Naira 600 a wancan canji. Da an bi wannan ɓangare kaɗai, kuma kamfani ya ɗora ƙarin a kan mai saye, kwalin Naira 800 zai kusanci Naira 1,300. Irin wannan tsalle ne ɗan acaɓa zai ji a jikinsa.

Matsalar kara ɗaya

Dokar Taƙaita Shan Taba ta Ƙasa, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sanya wa hannu a watan Mayun 2015, ta haramta sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma haramta sayar da sigari kara-kara. Duk wanda ya ratsa tashar mota a Abuja ya san inda wannan tanadi ya kwana.

Sayar da kara ɗaya yana dakushe kaifin haraji ta hanya biyu. Na farko, yaron da ba zai iya fitar da kuɗin kwali ba yana iya fitar da na kara, saboda haka ƙofar farawa a buɗe take. Na biyu, babu mai ba da canjin kwabo 50 a yau. Mai tebur yakan tsayar da farashi a kan takardar kuɗin da ke yawo a hannun jama'a, don haka ƙaramin ƙari kan ɓace tsakanin kamfani da dila da mai tebur, bai isa ga mai saye ba.

Inda abin ke iya karkacewa

Ba kowane mashayi ke dainawa idan farashi ya tashi ba. Wani yakan sauka zuwa samfuri mai araha. A nan ne bambancin harajin biyu ke da tasiri: harajin kaso yana sauƙi a kan sigari mai araha, yana faɗaɗa tazara tsakaninta da mai tsada, shi kuwa ƙayyadadden kuɗi yana ɗaga farashin na ƙasa, inda matasa da talakawa ke saye.

Akwai kuma ƙorafin cewa harajin talaka yake ƙuntata wa. Gaskiya ne ga wanda ya kasa dainawa: zai biya ƙari daga ɗan abin da iyalinsa ke ci. Amma da yake talakawa ne suka fi dainawa, su ne kuma suka fi tsira daga kuɗin asibiti. Ƙasar Filifin ta fuskanci wannan ƙorafi a dokarta ta 2012 ta hanyar ware mafi yawan ƙarin kuɗin shiga ga harkar lafiya, musamman inshorar marasa ƙarfi, kuma masu amfani da taba a cikin manya suka ragu daga kusan kashi 30 a 2009 zuwa kusan kashi 24 a 2015.

Kamfanonin taba kan yi gargaɗin cewa tsada za ta haifar da fasa-ƙwauri, kuma ƙasa mai dogayen iyakoki kamar Nijeriya ba za ta yi watsi da batun ba. Sai dai abin da ya faru a Afirka ta Kudu yana da darasi. Daga 1994 ƙasar ta yi ta ɗaga haraji, mashaya suka ragu daga kusan kashi ɗaya cikin uku na manya zuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu cikin shekara goma, kuɗin shiga kuma ya ƙaru. Haramtacciyar sigari ta bunƙasa ne daga baya, lokacin da hukumar tara harajin ƙasar ta yi rauni, ba lokacin da ƙarin ya fi tsanani ba.

Abin da ya kamata a auna

Binciken ƙasa na 2012 ya nuna kashi 3.9 cikin ɗari na manyan 'yan Nijeriya ke shan taba mai hayaƙi, kimanin mutum miliyan 3.1. Adadin ƙarami ne idan aka kwatanta da ƙasashe da yawa, ma'ana babban aikin haraji a nan shi ne tsare miliyoyin matasan da ba su fara ba.

Ga jami'in da takardar manufofin haraji za ta biyo ta teburinsa, tambaya uku sun isa gwaji. Shin ƙarin ya zarce hauhawar farashi da ƙarin albashi, ko kuwa an ɗaure shi da su ta yadda zai riƙa tashi da kansa kowace shekara? Shin nauyinsa ya fi faɗawa a kan ƙayyadadden kuɗin kara? Sannan, bayan wata uku da fara aiki da shi, nawa ake sayar da kara mafi araha a Nyanya? Idan amsar ta ukun ita ce farashin bara, to baitulmali ya samu 'yan kuɗi, amma saurayin da ke tsaye a gaban mai tebur zai miƙa canjinsa kamar kullum.