Awon Jinom: Abin da N50 da BUSCO Ke Faɗa

A shekarar 2019 masana suka fitar da jinom ɗin wani irin wake mai suna IT97K-499-35, wanda cibiyar IITA ta samar, manomanmu kuma suka sani da SAMPEA 10. Jinom shi ne ɗaukacin rubutun gado da ke cikin DNA na halitta, da haruffa huɗu: A, C, G, T. Na wannan wake da aka haɗa ya kai haruffa miliyan 519. To, ta yaya aka san haɗin ya yi kyau?

Na'ura ba ta iya karanta DNA daga farko har ƙarshe a zama ɗaya. Guntu-guntu take karantawa, sai kwamfuta ta duba inda bakin wannan ya yi daidai da bakin wancan ta ɗinke su. Kowane dogon yanki da aka ɗinke ba giɓi ana kiransa kontig. Wake yana da kuromosom 11, saboda haka da komai zai tafi daidai, da yanki 11 za a samu. Amma akan tashi da ɗaruruwa ko dubbai.

Ma'aunin farko shi ne N50. A ce mun samu kontig bakwai masu tsawon 90, 70, 50, 40, 25, 15 da 10. Jimlarsu 300, rabinta 150. Sai a jera su daga babba zuwa ƙarami, a yi ta tarawa har a kai rabin nan. Na 90 bai kai ba. Da aka ƙara na 70 an samu 160, an wuce. N50 ɗinmu 70 ke nan, wato rabin rubutun yana cikin yankuna masu tsawon 70 ko fiye. Na waken can ya kusa haruffa miliyan 11, kuma wannan abin yabo ne.

Sai dai N50 yana da saurin ruɗuwa, kuma wannan ne ke damuna idan na ga ana tutiya da shi shi kaɗai. A ce kwamfuta ta yi kuskure ta manna na 50 da na 40, alhali ba maƙwabta ba ne. Yanzu muna da 90 guda biyu, N50 ya tashi zuwa 90, aiki kuwa ya lalace. Haka kuma bai san abin da ya ɓace ba. Idan ainihin girman jinom ɗin 400 ne, rabinsa 200, sai an haɗa da na 50 kafin a kai. Wannan lissafi da girman gaskiya shi ake kira NG50, kuma ya fi adalci.

Ma'auni na biyu, BUSCO, masana a Janeba ne suka fito da shi a 2015. Dabararsa ita ce akwai ƙwayoyin gado da kusan duk 'yan dangi ɗaya ke da su, kowacce kwafi ɗaya tak. Jerin tsirran tudu da ake kira embryophyta_odb10 yana da 1614. Manhajar za ta bi jinom ɗin tana neman kowacce, kamar malami mai kiran suna a aji, ta fitar da layi irin wannan misali:

```
C:96.0%[S:93.0%,D:3.0%],F:1.5%,M:2.5%,n:1614
```

C su ne waɗanda aka samu cikakku, F waɗanda aka samu a gutsure, M waɗanda ba a gani ba, a nan wajen 40.

Inda ya kamata ido ya tsaya shi ne D, waɗanda aka gani sau biyu ko fiye. Shuka irin rogo, wadda gadon uwa da na uba suka bambanta sosai a cikinta, takan sa kwamfuta ta ɗauki kwafi biyun a matsayin wurare daban, ta rubuta kowanne. Sai C ya yi kyau, D ya kumbura, jimlar haruffa ta zarce girman gaskiya. Amma a waken soya yawan D ba aibi ba ne, domin jinom ɗinsa ya taɓa ninkuwa tun da daɗewa. Dole ne mai dubawa ya san tarihin shukar. Ya kuma dubi n, don jerin eukaryota_odb10 guda 255 ne kawai, ba a kwatanta sakamakonsa da na mai 1614.

BUSCO ma yana da iyaka, tunda ƙwayoyin gado 'yan kaɗan yake dubawa, ba ya leƙa wuraren da haruffa ke maimaita kansu. Jinom ɗin ɗan Adam da aka daɗe ana aiki da shi ya rasa wajen kashi 8 cikin 100, akasari a irin waɗannan wurare, sai a 2022 aka cike su.

Don haka ɗalibi, idan aka nuna maka N50, ka nemi girman jinom ɗin na gaskiya, sannan ka ce a ba ka layin BUSCO gaba ɗaya, har da D da n.