Yadda ake rubuta wa makaranta wasiƙar neman gyara rasit da soke bashin da aka rubuta bisa kuskure

Iyaye da yawa ba sa gano an yi kuskure a rasit ɗin kuɗin makaranta sai sabon zango ya kama, takardar kuɗi ta iso ɗauke da bashin da ba su san da shi ba. Wasu kuma sai ranar da aka koro yaro gida, ko aka riƙe sakamakon jarrabawarsa. Galibi akan garzaya ofishin akanta a yi bayani da baki, ya ce za a duba, maganar ta bi iska.

Abin lura shi ne makaranta na da wurare biyu da take rubuta kuɗi: rasit ɗin da ake bai wa iyaye, da kundin lissafin da ke hannun akanta, littafi ne ko kwamfuta. Daga kundin ake ciro bashi. Saboda haka idan aka gyara rasit kaɗai, bashin zai sake ɓullowa a zango na gaba. Dole wasiƙar ta nemi a gyara duka biyun.

A ɗauka wani magidanci ya tura Naira 85,000 ta banki, kuɗin zango na biyu na 'yarsa, amma aka rubuta Naira 58,000 a rasit. Sai ga bashin Naira 27,000 a takardar zango na uku. A nan juya lambobi aka yi, 5 ta riga 8. Akantoci na da hanyar gane irin wannan: idan gibin ya rabu da 9 ba saura, kamar yadda 27,000 ta ba da 3,000 cif, akwai yiwuwar juyin lamba ne. Idan kuwa bashin ya yi daidai da kuɗin zangon gaba ɗaya, mai yiwuwa an saka kuɗin a sunan wani ɗalibi, musamman idan daga asusun wani aka tura, ko ta hannun mai POS, ba a rubuta sunan yaro ba.

Kafin a ɗauki alƙalami, a tattara hujjoji uku: rasit ɗin makaranta, takardar da ke nuna bashin, da shaidar banki. Saƙon tes da ya shigo waya bai wadatar ba. A ciro cikakken rasit daga manhajar banki, wanda ke ɗauke da sunan asusun da aka tura wa da kuma lambar Session ID, domin da ita bankin makarantar zai iya gano kuɗin.

Wasiƙar a rubuta ta ga shugaban makaranta, a ba akanta kwafi. Bayan adireshi, kwanan wata da kanun magana, ga yadda cikinta zai kasance:

"Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ne mahaifin ɗalibar da sunanta, ajinta da lambar shigarta ke sama. A ranar 12 ga Janairu na tura Naira 85,000 zuwa asusun makaranta, cikakken kuɗin zango na biyu. Sai dai rasit mai lamba 0417 da aka ba ni ya nuna Naira 58,000, wanda ya sa aka rubuta mana bashin Naira 27,000. Ina roƙon a soke wannan rasit a ba ni sabo mai ɗauke da adadin da na biya, a cire bashin daga kundin makaranta, sannan a ba ni takardar da ke tabbatar da cewa ba a bin ɗalibar komai na zango na biyu. Zan ji daɗi idan aka kammala cikin mako guda, kuma kada a hana ta shiga aji kafin nan. Na haɗa da kwafin hujjojina. Na gode."

Ko da Turanci makarantar ta fi so, tsarin ɗaya ne. A sa hannu, a rubuta lambar waya. A guji zargin wani da cin kuɗi, domin hujjar da ke hannu kuskure ta nuna, kuma zargi kan sa ma'aikaci ya koma kare kansa maimakon duba littafi.

Kada a miƙa asalin rasit tare da wasiƙar, kuma kada mutum ya gyara lambar da biro da kansa, domin hakan na zubar da ƙimar takardar. A kai kwafi biyu na wasiƙar, wanda ya karɓa ya buga hatimi, ya sa hannu da kwanan wata a kan guda, a riƙe shi. Idan makarantar ta nemi tsohon rasit, a bayar a lokacin da ake karɓar sabon.

Wanda ya biya tsabar kuɗi a hannu aikinsa ya fi wuya, tunda babu shaidar banki. Sai ya nemi a duba kwafin da ya rage a littafin rasit, a kwatanta da jimillar kuɗin da aka karɓa a ranar.

Idan mako ya wuce shiru, a sake rubutawa, a ambaci ranar wasiƙar farko, a ba mamallakin makarantar da shugaban ƙungiyar iyaye da malamai kwafi. Ko an gyara, a adana takardun, sannan a duba takardar kuɗin zango mai zuwa da kyau, domin a nan ne za a tabbatar gyaran ya kai ga kundi.