Yadda Ake Tono Kuskuren Rige-rige a Manhaja

Kuskuren rige-rige yana faruwa ne idan zaren aiki biyu a cikin manhaja suka taɓa bayani ɗaya a lokaci guda, sakamakon kuma ya dogara da wanda ya riga isa. A ce asusu yana da naira 10,000, sai buƙatu biyu na cire 8,000 suka shigo tare. Kowace ta duba ta ga kuɗi sun isa, kowace ta cire, asusun ya koma bashin 6,000. Tazarar da ke tsakanin dubawa da cirewa ba ta kai ƙiftawar ido ba, shi ya sa matsalar ba ta bayyana sai buƙatu sun yi wa sabar yawa.

Matakin farko shi ne ƙara rubuta bayanan aiki. A kowace dubawa da kowace cirewa ana rubuta lambar buƙata, da lokaci, da ragowar kuɗin da aka gani. Idan dubawa biyu suka jeru ba cirewa a tsakaninsu, an ga sawun ɓarawo. Sai dai rubutu a fayil yana cin lokaci, kuma sau da yawa yana jera zarurrukan a layi har kuskuren ya ɓuya. Saboda haka ana tara bayanan a ƙwaƙwalwar kwamfuta, a fitar da su bayan an gama.

Mataki na biyu shi ne maimaita gwaji cikin matsi. Ana sakin buƙatu da yawa a tare kan asusu ɗaya, bayan kowane zagaye a duba ko ragowar ta sauka ƙasa da sifili. A harshen Go ana yin haka da umarnin `go test -race -count=1000 -cpu=1,4,8`, wanda ke maimaita gwajin sau 1,000 a kan kowane adadin cibiyoyin sarrafawa. Zaɓin `-race` yana kama taɓa bayani ba tare da kulle ba, amma a layukan da gwajin ya bi kawai.

Maimaitawa dogaro ne da sa'a, don haka mataki na uku shi ne faɗaɗa tazarar da gangan:

```go
if a.saura >= kudi {
    time.Sleep(10 * time.Millisecond)
    a.saura -= kudi
}
```

Da wannan jinkiri kusan kowane zagaye yana faɗuwa. Abin da ya fi shi tabbas shi ne shinge: a tsayar da kowace buƙata bayan dubawa har ɗayar ta duba, sannan a sake su.

Gyara shi ne a sa dubawa da cirewa ƙarƙashin kulle ɗaya na `sync.Mutex`. Idan aka kulle kowanne daban, `-race` zai yi shiru alhali asusun yana ci gaba da shiga bashi. Ana barin jinkirin a wurinsa a sake gwaji. Idan ragowar ta tsaya a 2,000 kuma an ƙi buƙata ɗaya a kowane zagaye, sai a cire shi.