Idan Majigi Ya Mutu, Sai Darakta Ya Tashi Biyan Bashi

Gajeren fim, a ma'aunin masu ba da kyautar Oscar, shi ne wanda bai wuce minti 40 ba, har da jerin sunayen ƙarshe. Na matasanmu masu fara gwada hannu da wuya ya kai rabin haka. Ba kasafai sinima ke karɓar irinsa ba, don haka a unguwar da aka ɗauke shi ake fara haska shi: filin makarantar firamare, farin ƙyalle a jikin bango, janareto can gefe, bayan sallar isha'i. A nan ne ake miƙa wa darakta makirfo, kuma jawabin da zai yi ba ado ba ne. Fim ɗin farko da bashin alheri ake yin sa, godiyar nan kuwa ita ce kawai biyan da yawancin masu bin bashin za su samu.

A ɗauka fim ne na minti 15 a kan yarinya mai tallar goro, an ɗauke shi a wata unguwa cikin birnin Kano. Bayan an gama kallo ya kamata darakta ya yi magana, kafin a kashe janareto, kuma kada ya wuce minti uku, domin da zarar hoto ya ɗauke yara sun fara watsewa, mata kuma na haramar gida. Ya yi sallama, ya gode wa Allah, ya gaida mai unguwa da liman da dattawa a dunƙule, ya ambaci iyayensa. Duk wannan rabin minti ya ishe shi.

Sauran lokacin na waɗanda kyamara ba ta nuna ba ne, kuma nan ne jawabi ke yin kyau ko ya lalace. Sunayen ƙarshen fim gudu suke yi a allo, babu mai karantawa. Mai gidan da ya bar soronsa kwana biyu, da baiwar Allahn da ta dafa wa ma'aikata abinci, da mai injin markaɗe da ya riƙa kashe injinsa duk lokacin da aka ce a yi shiru za a ɗauki sauti, kowannensu a faɗi ainihin abin da ya yi. “Baba mai markaɗe, muryar yarinyar nan da kuka ji tar-tar, haƙurinka ne, Allah Ya saka da alheri.” Jimla ɗaya irin wannan ta fi “ina godiya ga kowa da kowa” sau goma, kuma ta nuna wa jama'a cewa ƙarar unguwa ce babbar abokiyar gabar mai ɗaukar sauti. Daga nan sai 'yan wasa, da mai ɗaukar hoto, da edita, su miƙe a tafa musu.

Akwai inda ake tuntuɓe. Matar aure ba a kiran sunanta na yanka a lasifika sai an nemi izini tun da rana. Sau da yawa “Maman wance” ko “iyalan Malam wane” ya fi mata daɗi. Kada a faɗi adadin kuɗin da wani ya bayar, don wanda ya ba da kaɗan yana zaune a wurin. Sunaye kuwa a rubuta su a takarda, a ba mataimakin darakta ya duba, domin shi ne ya san wanda ya ara tsani da wanda ya kori yara daga gaban kyamara. Wanda aka manta ba zai ce komai ba a daren, amma ranar da aka dawo neman soronsa za a ji.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne daraktan da zai ɓata mintinsa yana ba da haƙuri: haske bai yi ba, kuɗi sun gaza, sauti ya shaƙe. Mutanen nan sun ga gidajensu da 'ya'yansu a allo suna murna, me ya sa zai rage musu ita? Gyara na zama ne da abokan sana'a washegari.

Sai magana ta ƙarshe, wadda ake yawan tsallakewa: ina fim ɗin zai nufa? Waɗanda fuskokinsu suka fito suna da haƙƙin sani. Idan za a kai shi Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, a faɗa. Idan za a tura shi gasa irin ta Zuma da ake yi a Abuja, a bayyana cewa shi ya sa ba za a ɗora shi a YouTube yanzu ba, domin wasu bukukuwan fim ba sa karɓar wanda ya riga ya bazu, a kuma roƙi masu ɗauka da waya kada su yaɗa.

Ku kuma 'yan unguwa, idan ɗanku ya karɓi makirfo muryarsa na rawa, ku daure ku zauna har ya kai ƙarshen takardarsa.