Harafin -e da jinsin suna a Faransanci

Ɗalibai kan ɗauka duk sunan Faransanci mai ƙarewa da -e na jinsin mace ne. Bahaushe ya fi saurin amincewa da haka, domin a Hausa wasalin -a shi ke nuna mace, ko da yake gida da ruwa maza ne. Za mu nuna cewa -e ɗin nan tushe biyu gare shi.

Tushe na farko shi ne -a na Latinanci, wanda galibi ke ƙarshen sunaye mata. A tsohon Faransanci ya raunana ya koma -e: porta ta zama la porte, tabula ta zama la table. Sauran wasulan ƙarshe kuwa zubewa suka yi, shi ya sa murum ya zama le mur.

Tushe na biyu ba ruwansa da jinsi. Idan baƙaƙe sun cunkushe a ƙarshen kalma, sai wasali ya saura don sauƙin furuci. Ke nan librum ya ba da le livre (littafi), alhali libra ta ba da la livre (ma'aunin nauyi).

Ɗafa-ƙeyar -age, daga -aticum, ita ma tana gina maza: le voyage, le fromage. Amma a la page da l'image, -age jikin kalma ne, saboda haka mata ne. Akwai kuma kalmomi masu asalin Girkanci: le problème, le système, le lycée.

Don haka ya kamata malami ya koyar da ɗafa-ƙeya sukutum, maimakon harafin ƙarshe kaɗai.